Ƙoƙon kai a ƙarƙashin bidiyon baffa

*Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni uwa ce, ina zaune a Unguwar Rogo a Jos. Da Babbar Sallah ƙanen maigidana ya tura bidiyo a guruf ɗin danginmu na WhatsApp, ragon layyarsa ya fizge ya ja shi ƙasa. Ɗana mai shekara 17 ya sa 💀💀💀 a ƙarƙashi. Gwaggonsa ta ce fatan mutuwa yake wa baffansa, har yau ba ta amsa gaisuwarsa. Shi kuma ya rantse dariya yake nufi. Ta yaya ƙoƙon kan matacce ya zama dariya? Ko dai yaron nan raina min hankali yake yi?*

Hajiya, yaron gaskiya ya faɗa miki. Ilimin harshe nake koyarwa a nan Jos, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ban ga wannan ƙoƙon kan a saƙonnin ɗalibaina ba. Kafin in kai ki ga tarihinsa, ina so ki gwada wani abu da bakinki. Ki ce: "Wance ta kashe mu da dariya a gidan biki." Ba abin da ya yi miki nauyi a harshe. Ki ce: "Na kusa mutuwa don dariya." Wannan ma kin sha faɗa, ko kin sha ji. To yanzu ki ce: "Na rasu don dariya." Kin ji yadda ta ƙi zama? Ko yaron goye ba zai faɗe ta haka ba.

Hausa tana da kalmomi biyu a nan, kuma ta raba musu aiki. Rasuwa ta ɗan Adam ce, ita ake kaiwa gidan makoki, ita ake sanarwa a masallaci, ba a wasa da ita. Mutuwa kuwa an daɗe da sakinta ta shiga kasuwa. Aure yana mutuwa, batir yana mutuwa, jikin mutum yana mutuwa in ya ji labari mara daɗi, saurayi yana mutuwa a kan budurwa, wanda aka kama da ƙarya yana mutuwar tsaye. Mai azumi da la'asar yana cewa ƙishirwa za ta kashe shi, ba wanda ke tashi neman likkafani. Abin da matasa ke rubutawa da 💀 shi ne "na mutu" irin wannan ta kasuwa. Gwaggo kuma da ta gani, rasuwa ta karanta. Hoto ɗaya ne a gabansu, kowa da kalmar da ya sa masa a zuciyarsa.

Akwai kuma abin da ya kamata a lura da shi game da wanda ya mutun. A wannan salon, ƙoƙon kan na mai rubutun ne. Yaron yana cewa shi ne dariya ta gama da shi, har ba abin da ya rage sai ƙashi. Bai ɗora wa baffansa komai ba.

Shi hoton ya girmi wannan ma'anar. Imoji daga Japan suka fito, a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamfanonin waya na can suka fara saka ƙananan hotuna a cikin saƙo. Akwai wata ƙungiya mai suna Unicode da ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, don abin da aka rubuta a wata waya ya fito daidai a wata. Ita ce ta ba ƙ da ɗ da ɓ namu lambobinsu. A watan Oktoba na 2010 ta karɓi ɗaruruwan waɗannan hotuna, mafi yawansu daga na kamfanonin Japan, ciki har da ƙoƙon kan, wanda ta ba lamba U+1F480 da suna SKULL. Iyakar abin da ta yi ke nan, lamba da suna. Ba ta ce a yi dariya da shi ba, ba ta ce a yi makoki ba. A 2011 kamfanin Apple ya buɗe wa masu wayoyinsa na duniya duka allon imoji, wayoyin Android suka biyo baya, hotunan suka faɗo hannun mutanen da ba su san abin da Japanawa ke nufi da su ba. Kowa ya sa musu abin da ke bakinsa.

A bakin masu Turanci kuwa akwai wata magana da ta daɗe, wadda ta yi ƙarfi musamman a tsakanin matasan baƙar fatar Amurka. In abu ya ba su dariya ƙwarai sai su rubuta I'm dead, wato na mutu. Tun kafin a san TikTok ana ganin wannan a Twitter, sau da yawa da ƙoƙon kan a gefensa. Da tafiya ta yi tafiya aka daina wahalar rubuta kalmomin, aka bar hoton shi kaɗai yana ɗauke da su. Wannan hanya ce sananniya a harshe. Mu ma "sai da safe" muke cewa, ba mu ƙarasa "sai Allah ya kai mu da safe mu sake haɗuwa", kowa kuma ya gane.

Da ya iso Najeriya bai sha wahalar samun masauki ba, don an riga an share masa ɗaki. Waɗanda suka yi zamanin BlackBerry za su tuna LWKMD, taƙaicen maganar Burokin da ke cewa dariya na son ta kashe ni har lahira. Maƙwabtanmu na Nijar masu rubutu da Faransanci suna da MDR, ita ma ma'anarta mutuwa don dariya. A gari irin Jos, inda yaro ke tashi da Hausa a gida da kasuwa, Burokin a layi, Turanci a makaranta, duk harsunan uku sun yarda dariya na kisa. Ba sai an yi masa bayani ba.

Sai dai wannan bai amsa rabin tambayar ba. Ai akwai hoton dariya tun farko, 😂, wanda ya shigo tare da ƙoƙon kan a wannan shekarar ta 2010. Me ya sa yara suka bar shi suka koma maƙabarta?

Amfani ne ya cinye shi. A 2015 masu ƙamus ɗin Oxford suka zaɓi 😂 a matsayin kalmar shekara, karo na farko da suka zaɓi hoto. Daga nan ya zama na kowa. Ana sa shi a ƙarshen gaisuwa, ana sa shi don a sassauta tambayar bashi, ana sa shi a ƙarƙashin barkwancin da bai ba kowa dariya ba don kada mai shi ya ji kunya. Duk kalmar da aka yi wa haka sai ta yi sanyi. Ki dubi rantsuwa a kasuwar Taminus. Da "wallahi" kaɗai ta isa a rufe ciniki. Da ta yi yawa aka koma "wallahi tallahi", yanzu sai mutum ya haɗa da "in na yi ƙarya kada in kai gobe" kafin a ɗago kai a dube shi. Dariyar rubutu ma haka ta yi ta hawa. lol, taƙaicen dariya a rubutun Turanci, ta yi sanyi, 😂 ya karɓa. Shi ma ya yi sanyi, aka kawo 🤣 a 2016 mai birgima a ƙasa, aka riƙa jera su biyar-biyar. Bayan birgima kuma ina za a je? Sai kuka da mutuwa.

Harshenmu ma ya san wannan dabarar, ta ɗaukar mummunar kalma a ƙarfafa kyakkyawa da ita. Yarinya tana da mugun kyau. Miya ta yi masifar daɗi. Mota tana da bala'in tsada, shadda tana da azabar kyau. Ba wanda ke jin "masifar daɗi" ya ce an yi wa mai girki baki. Kalmar ta bar ma'anarta a ƙofa, ta shigo da nauyinta kawai.

Dalili na biyu ya fi wannan sauƙi, kuma ke uwa kin fi ni saninsa. Yaro ba ya son ya yi dariya irin ta babansa. Ranar da iyaye da malamai da shugaban ofis suka iya 😂, ranar ya tsufa a idon 'yan shekara sha. Zaman gida na korona a 2020 ya tara matasan duniya a TikTok, suna karanta sharhin juna dare da rana, abin da aka ƙirƙira a wata ƙasa da safe ya iso Rikkos kafin magariba. A shekarar ce ma bidiyon 'yan Ghana masu rawa da akwatin gawa ya zagaye duniya, ana liƙa shi a ƙarshen duk bidiyon da wani ya yi wauta, ƙaramin misali na yadda wasa da mutuwa ya zama ruwan dare a wayoyi a lokacin. Zuwa farkon 2021 har manyan kafofin labarai irin CNN suna ba da rahoton cewa matasa sun ce 😂 na tsofaffi ne. Kada dai wannan ya ruɗe ki. A lissafin da Unicode ta fitar na shekarar 2021, 😂 ne har lokacin kan gaba a duniya. Ƙoƙon kan bai kore shi ba, wani yanki na masu waya ne suka ware da nasu.

Wani abu ya faru a 2021 da nake yawan ba ɗalibai misali da shi. Wasu a TikTok suka haɗa baki cewa daga yau hoton kujera, 🪑, shi ne dariya, don kawai su rikita waɗanda ba su sani ba. Ya cika ko'ina na ɗan lokaci, sannan ya ɓace. Kujera ba ta da wata magana a ƙarƙashinta, ba harshen da ke cewa "na kujera don dariya". Ƙoƙon kan ya zauna ne don yana tsaye a kan abin da mutane ke faɗa da baki tun kafin a ƙera waya. Ina kuma zargin zanen kansa ya taimaka. Ki buɗe shi ki duba da kyau: fari ne tas, mai manyan idanu, haƙora a waje kamar wanda ya washe baki. Bai yi kama da abin tsoro ba.

Yanzu ga yadda ake karanta shi, don ba kullum yake nufin abu ɗaya ba. Bari in kawo miki wata 'yar hira daga guruf ɗin ɗalibaina, na cire sunaye. Wakilin aji ya rubuta da daddare cewa an dawo da gwajin da aka ɗage, gobe ƙarfe takwas. Wata ta amsa: "Ni ko littafin ban saya ba 💀". Wani ya ce: "Ni na ɗauka ma an cire kwas ɗin". Mutum huɗu suka manna wa saƙonsa 💀. Can sai wani ya turo saƙon murya, ashe budurwarsa ya yi niyyar turawa, yana lallashinta da wata murya da ba mu san shi da ita ba. Kafin ya goge, an jera masa "💀💀💀💀" da "wayyo cikina 😭😭".

Ƙoƙon kai uku ke nan, aiki uku. Na farkon, wanda yarinyar ta sa a ƙarshen maganarta, ba dariya ba ce sosai. "Na shiga uku" take cewa, tana yi wa kanta dariyar baƙin ciki. Duk inda kika ga guda ɗaya a ƙarshen maganar da mutum ya yi game da kansa, yawanci wannan ne: kashina ya bushe, amma ba zan yi kuka ba. Na biyun, wanda aka manna wa saƙon wani, yana cewa "kai, wannan wautar taka ta wuce misali". Na ukun, jerin nan, shi ne dariyar da ke sa mutum ya riƙe ciki, kuma ki lura da abin da ya jawo ta: wani ne ya ji kunya a gaban jama'a. A nan ƙoƙon kan ya bambanta da 😂. Shi 😂 ana yinsa tare da mutum, kamar a ce ka ba ni dariya, na gode. Ƙoƙon kan ya fi zuwa inda aka yi katoɓara, ko aka dizga wani, ko aka faɗi abin da bai kamata a faɗa ba amma gaskiya ne. Dariya ce mai haɗe da kama baki. Ragon da ya ja babban mutum ƙasa ranar Sallah, a gaban yara, ai ba inda ya fi nan dacewa da ita a wurinsu.

Saboda haka in kin gan shi, abu na farko ki dubi saƙon da ke samansa. In abin dariya ne ko abin kunya, an gama magana. Sannan ki dubi yawansa, don mai mugun nufi ba ya jera uku. Sannan ki dubi abokan tafiyarsa, irin su 😭 da "wayyo" da "kai jama'a". Akwai kuma ɗan'uwansa da ake rikita su, ☠️, mai ƙasusuwa biyu a gicciye. Wannan ya riga shi shiga Unicode, tun 1993, kuma shi ne alamar da kike gani a jikin kwalbar maganin feshi da manoman kayan lambu ke saya, alamar guba da haɗari. Wasu yaran suna sa shi a madadin ɗayan don ƙarin gishiri, amma shi bai rabu da tsohuwar ma'anarsa ba kamar yadda 💀 ya rabu.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu gaba ɗaya ba ko a wurin 💀. In baƙuwar lamba ta turo wa mutum shi kaɗai, ba wata hira a gabansa, ko ya zo bayan an yi cacar baki, ko an haɗa shi da hoton wuƙa ko akwatin gawa da magana irin "za ka gani", wannan ba wasa ba ne, a ajiye saƙon a nuna wa manya. Garin nan ya ga abin da ya gani, ba wanda zai ce wa mutumin Jos ya cika tsoro don ya ga alamar mutuwa gabansa ya faɗi. Shi ya sa ban ga laifin gwaggo ba. Tarbiyyar da ta samu ta ce ba a yi wa mutum fatan tsiya ko da wasa, kuma abin da idonta ya gani ƙashin kan mutum ne a ƙarƙashin hoton ƙanenta.

In don ta ni ne ma, ba ƙoƙon kan ne ya fi haɗa faɗa a guruf ɗin dangi ba. Masu hawayen nan biyu ne, 😭 da 😂. Yara sun mayar da 😭 dariya, har a 2021 shafin Emojipedia, mai bibiyar yadda ake amfani da imoji, ya ba da rahoton cewa ya wuce 😂 yawa a Twitter. Manya kuma kuka suke nufi da shi, kuka na gaske. Na taɓa tura wa 'yar ƙanwata hoton sabuwar hular da na saya, ta amsa da "Kawu 😭😭😭". Na kira uwarta hankalina a tashe ina tambaya ko lafiya. Lafiya lau, hular ce ta yi min yawa. Ta ɗaya gefen kuma, na ga dattijo mai mutunci ya jera 😂 a ƙarƙashin sanarwar rasuwa. Bai sa tabarau ba, hawaye ya hango a fuskar ya danna. Wannan kuskuren ya ƙara sauƙi tun 2022, da WhatsApp ya kawo manna alama a jikin saƙo, don a layin farko da ke fitowa 😂 da 😢 kusa suke da juna, 😮 kaɗai ke tsakaninsu, yatsa kuma ba ido gare shi ba. Shawarar da nake ba kowa, babba da yaro, ita ce a saƙon rasuwa a bar hotuna gaba ɗaya. A rubuta Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri. Abin da na lura kuma shi ne yaran da kansu sun san wannan iyakar. Da aka sanar da rasuwar mahaifin wata ɗaliba a wancan guruf ɗin da ƙoƙon kai ke yawo kamar ƙuda, ko ɗaya ban gani ba. Addu'a ce kawai, layi bayan layi.

Saura abin da ban wanke ɗanki a kansa ba. Ya tsira daga zargin mugun fata, amma fassarar da ta wanke shi ita ce kuma ta kama shi. In 💀💀💀 na nufin "na mutu don dariya", to abin da ya yi shi ne ya tsaya a tsakar gida, gaban iyayensa da gwaggwanninsa, ya tuntsire da dariya don baffansa ya faɗi. Da kakansa ne rago ya ja, da ba komai, jika abokin wasan kaka ne, har ya ƙara da cewa tsoho ƙarfi ya ƙare a bar mana ragon. Da ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, ya jera goma ma. Baffa kuwa uba ne. Yaran sun koyi alamar a wurin da kowa sa'an kowa ne, ba wanda ya san shekarun wani, sai suka shigo da ita zauren da ake cire takalmi. Za a iya cewa baffan da kansa ya turo bidiyon, kenan ya ba da izinin a yi dariya, kuma haka ne. Amma akwai bambanci tsakanin dariyar da babba ya gayyata da wadda yaro zai riga kowa fashewa da ita. Da ya rubuta "Sannu Baffa, Allah ya kiyaye gaba, amma ragon nan ya ci abinci 😂", da ba wanda ya ce uffan.

Ki sa shi ya je gidan gwaggon da ƙafarsa, kada ya tura saƙo. Ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri a kan ya yi wa baffansa dariya a gaban manya, don wannan ne laifin da ya yi, kuma shi ne wanda za ta gane. In ta huce, ya buɗe wayarsa ya nuna mata hirarsa da abokansa, ta ga ƙoƙon kan nan a ƙarƙashin hoton askin da aka ɓata wa wani, da sakamakon ƙwallon da aka ci ƙungiyarsu, da nasa hoton na ranar da ya sa babbar rigar babansa. In ma 'ya'yanta na kusa, a ce su buɗe nasu wayoyin.